Yadda ake gano layin da kuskure ya fara a aikin lissafin ɗalibi da aka turo a hoto

Idan takardar ɗalibi ta iso ka a waya ko a kwamfuta, ka duba ƙasa ka ga amsa ba daidai ba ce, abin da ka sani kawai shi ne ya ɓace a wani wuri tsakanin tambaya da amsa. Aikinka shi ne gano wannan wurin, kuma wuri ɗaya ne: layi na farko da bai fito daga wanda ke samansa ba. Abin da ya biyo bayansa mai yiwuwa ne daidai yake tafiya, tushensa ne kawai ya karkace. Wanda ya yi tuntuɓe ya faɗi, ba inda ya faɗi ake zuwa a ɗauke dutse ba, inda ƙafarsa ta buga ake nema. Zan yi bayani da misalin aljabra irin ta ƙaramar sakandare, amma hanyar tana aiki daga lissafin firamare har zuwa na masu shirin jarrabawar fita.

Kayan aiki

Kana buƙatar hoton takardar mai kyau, wanda za a iya ƙara girmansa ba tare da rubutun ya dagargaje ba. Kana buƙatar ainihin tambayar daga inda ta fito, wato littafi ko takardar da ka raba, ba wadda ɗalibi ya kwafa da hannunsa ba. Sai farar takarda da biro naka, domin ba a wannan aiki da ka. Kalkuleta tana sauƙaƙa gwaji, ta cikin waya ma ta isa. Idan akwai kwamfuta ko babbar waya, ita ta fi, saboda kana son ka riƙa ganin layi biyu tare, kuma da girma. Idan kana da firinta, buga shafin ya fi komai daɗi, domin za ka iya rufe layukan ƙasa da rula kana sauke ta a hankali. Idan babu, guntun kwali a kan gilashin waya yana yin wannan aikin.

Mataki na 1: Tabbatar hoton yana nuna abin da ke kan takarda

Kafin ka tuhumi ɗalibi, ka tuhumi hoton. Manhajojin ɗaukar takardu irin su CamScanner da Adobe Scan suna da zaɓin wanke shafi ya koma fari fes da baƙin rubutu. Wannan yana da kyau ga takardar da inji ya buga, amma yana cutar aikin fensir. Duk wani zane mai rauni manhajar tana ɗaukarsa datti ta share, kuma mafi raunin zane a lissafi su ne alamar ɗebewa, da ɗigon da ke tsakanin lambobi, da ƙaramar lambar da ake ɗorawa a kafaɗar harafi. Waɗannan ukun kuwa su ne suke juya amsa gaba ɗaya. Ka gaya wa mai ɗaukar hoton ya guji zaɓin B&W, ya bar shi a Original ko Grayscale. Idan injin sikan ne na ofis ko na shagon kwafi, a sa shi a 300 dpi.

Idan ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin Document, domin hoton da aka tura kai tsaye ana matse shi, ƙananan alamomi su dushe. Sai ka duba gefuna huɗu na shafin. Yara suna yin ƙananan lissafinsu a gefe, kuma sau da yawa nan ne manhaja take yankewa. Wajen ɗinkin littafi ma takarda tana lanƙwasa, farkon layi ko ƙarshensa ya shige inuwa.

Akwai abu biyu da suke yaudarar ido ko da hoton yana da kyau. Na farko, layukan littafin rubutu: idan ɗalibi ya zana alamar ɗebewa a kan shuɗin layin daidai, tana iya ɓacewa cikinsa, haka ma layin da ke raba lambar sama da ta ƙasa. Ka ƙara girman wurin, ka duba ko layin ya yi kauri ko ya yi duhu a daidai nan. Na biyu, tawadar bayan shafi tana ɓullowa a takarda mara kauri, ta zama kamar ɗigo ko alama. Ana gane ta da cewa ta fi sauran rubutun dusashewa, kuma idan harafi ne za ka gan shi a juye.

Idan hoton bai karantu ba, ka nemi a sake ɗauka a bakin taga da rana, takarda a shimfiɗe, waya a samanta a miƙe. Kada ka yi ta hasashe a kan hoto mai hazo. Sake ɗauka bai kai ɓata lokacin da hasashe yake ci ba.

Mataki na 2: Warware tambayar da kanka tukuna

Rufe aikin ɗalibi, ka ɗauki tambayar daga tushenta, ka warware a takardarka. Dalili shi ne idan ka fara da karanta nasa, hannunsa zai ja ka, ka riƙa gyaɗa kai a kan layin da ya kamata ka tsaya. Ga tambayar da za mu bi:

```
(2x + 1)/3 − (x − 4)/2 = 4
```

Ƙaramar lambar da 3 da 2 duk suke shiga ita ce 6, sai a ninka ko'ina da ita. Za a samu 2(2x + 1) − 3(x − 4) = 24, a buɗe baka a samu 4x + 2 − 3x + 12 = 24, wato x + 14 = 24, amsa x = 10. Kada ka tsaya nan, mayar da 10 cikin tambayar: 21 a raba 3 ya ba da 7, 6 a raba 2 ya ba da 3, a ɗebe 3 daga 7 saura 4. Ta zauna. Yanzu kana da ma'auni a hannunka.

Gargaɗi a nan: amsarka ce ma'auni, ba hanyarka ba. Wani ɗalibin zai haɗa ɓangarorin biyu a kan 6 tukuna kafin ya ninka, wani zai fara tsallakar da ɗaya zuwa dama. Duk daidai ne. Malamin da yake jera layukansa kusa da na ɗalibi yana neman inda suka rabu zai sa jan biro a wurin da babu laifi.

Mataki na 3: Koyi hannun yaron

Ɗauki minti ɗaya ka zagaya shafin, ba don lissafi ba, don ka ga yadda yake rubuta lambobinsa. Nemi wurin da ka san tabbas abin da ya rubuta, kamar kwanan wata, da lambar tambaya, da tambayar da ya kwafa. Daga nan za ka ga yadda 1 ɗinsa da 7 ɗinsa suke, ko 4 ɗinsa yana rufe kai ya yi kama da 9, ko 0 ɗinsa yana fitar da wutsiya ya zama kamar 6. A aljabra an fi samun rikici tsakanin harafin x da alamar ninkawa, da 2 da z, da 5 da s, da 6 da b.

Yaron da ya fara karatu a makarantar Faransanci, kamar waɗanda suka taso a Maraɗi ko Damagaram, yana rubuta 1 da doguwar ƙafa a gaba, ta yadda malamin Kano ko Sakkwato zai karanta shi 7, shi kuwa 7 ɗinsa yana da zane a tsakiya. Haka kuma yana sa waƙafi inda makarantun Nijeriya suke sa ɗigo, ya rubuta 3,5 yana nufin uku da rabi. Wannan ba kuskure ba ne, tsarin da aka koya masa ne.

Idan wata alama ta shige maka duhu, kada ka zaɓi ma'anar da ta fi maka sauƙi. Duba layin da ke ƙasa, ka ga yadda shi ɗalibin ya yi amfani da ita. Idan abin yana kama da 4 ko 9, a layi na gaba kuma ya ninka shi da 2 ya samu 8, to 4 yake nufi. Amma ka lura, wani lokaci yaro da kansa yake kasa karanta hannunsa: ya rubuta 4, ya sauko ya ɗauke shi 9. Wannan kuskure ne na gaske, kuma a layin ƙasan yake, inda aka karanta ba daidai ba.

Mataki na 4: Kwafe aikin, ka sa wa layuka lamba

A farar takardarka ka kwafe abin da ya rubuta, layi bayan layi, yadda yake, ba tare da gyara ko ɗigo ba. Wannan yana da wuya fiye da yadda ake zato, domin hannun malami ya saba rubuta daidai, yana iya mayar da alamar da yaro ya juya ba tare da ya ankara ba. Bayan kowane layi ka ɗaga ido ka gwada da hoton. Abin da ya soke kada ka sa shi cikin jerin, amma ka rubuta shi a gefe, zai yi amfani nan gaba. Idan aikin ya warwatsu, wani a tsakiya wani a gefe da kibiya, ka jera su bisa tsarin da ya yi tunaninsu: lambar da ta fito a gefe ta shiga layi na huɗu, to an yi ta kafin layi na huɗu.

Ga aikin ɗalibinmu:

```
1.  (2x + 1)/3 − (x − 4)/2 = 4
2.  2(2x + 1) − 3(x − 4) = 24
3.  4x + 2 − 3x − 12 = 24
4.  x − 10 = 24
5.  x = 24 − 10
6.  x = 14
```

Fara da gwada layi na 1 da ainihin tambayar, alama bayan alama. Kuskure da yawa a nan suke faruwa, kafin a fara lissafi ma: an kwafi x + 4 maimakon x − 4, ko an tsallako an ɗauki rabin tambayar da ke ƙasa. Idan haka ne, amsarka ta daina zama ma'auni, sai ka warware tambayar da shi ya rubuta, ka bi shi da ita ka ga ko sauran aikin yana tafiya daidai. A misalinmu kwafin ya yi daidai.

Mataki na 5: Gwada kowane layi da amsar gaskiya, daga sama

Nan ne zuciyar aikin. Dalilin da ya sa hanyar take aiki ɗan kaɗan ne: duk matakin da aka yi bisa ƙa'ida ba ya kore amsar gaskiya. Idan x = 10 ta daidaita hagu da dama a layi na 1, dole ta daidaita su a kowane layi da aka fitar daga gare shi yadda ya kamata. Layin da ta fara ƙin zama, nan ne aka sauka daga hanya.

Wanda bai saba ba, idonsa zai faɗa kan layi na 5 kai tsaye, domin laifinsa a fili yake: an tsallakar da 10 ba a juya alamarta ba. Sai ya zagaye shi da ja, ya rubuta 24 + 10, ya wuce. Yaron ya gyara ya samu 34, wadda ita ma ba amsa ba ce, ya dawo a ruɗe. Shi ya sa ake rufe layukan ƙasa, a fara daga sama.

Layi na 1 mun riga mun gwada. A layi na 2, sa 10 a wurin x: baka ta farko ta zama 21, sau 2 ya ba da 42, ta biyu ta zama 6, sau 3 ya ba da 18, a ɗebe 18 daga 42 saura 24. Dama ma 24 ce. Sa masa alamar daidai, ka sauke kwalin layi ɗaya.

A layi na 3, 4x ya zama 40, a tara 2 ya zama 42, a ɗebe 30 saura 12, a ɗebe 12 saura 0. Hagu 0, dama 24. Ba su haɗu ba. Layi na 2 lafiya, layi na 3 ya karkace, saboda haka kuskuren ya faru ne a wajen sauka daga 2 zuwa 3.

Kada ka tsaya a gano layin, shiga cikinsa ka gano gurbin. Ɗauki layi na 2 gunduwa-gunduwa. 2 sau 2x ya ba da 4x, yana nan. 2 sau 1 ya ba da 2, yana nan. −3 sau x ya ba da −3x, yana nan. −3 sau −4 ya kamata ya ba da +12, shi kuwa ya rubuta −12. Girman giɓin ma yana ba da shaida: hagu ya gaza da 24, kuma tazarar da ke tsakanin +12 da −12 ita ce 24 daidai. Idan giɓin da ka samu ya yi daidai da laifin da ka gano, da wuya a ce akwai wani laifi na biyu da ya ɓuya a wannan layin. Idan bai yi daidai ba, ka sake dubawa, akwai saura.

Kafin ka yanke hukunci, koma kan hoton ka ƙara girman wannan gurbin. Alamar tarawa da tsayayyen zanenta ya dushe tana komawa alamar ɗebewa. Layi na 4 ne zai raba gardama: ya haɗa 2 da wannan lambar ya samu −10, da +12 yake nufi da ya samu 14. To ba laifin hoto ba ne, abin da ya rubuta ke nan.

Idan aikin dogo ne, layi goma sha biyar ko ashirin, za ka iya gwada layin tsakiya tukuna. In ya zauna ka nemi laifin a rabin ƙasa, in bai zauna ba ka neme shi a rabin sama, ka ci gaba da rabawa. Wannan yana rage wahala sosai, sai dai bayan ka samu layin ka bi na samansa da ido sau ɗaya, saboda dalilin da zai zo a mataki na 7.

Mataki na 6: Bi shi da nasa lissafin har ƙasa

Daga layi na 3 zuwa ƙasa, 10 ba za ta sake zama ba, don haka ba ta da sauran amfani. Idan ka ci gaba da gwaji da ita, kowane layi zai fito ba daidai ba, ka cika shafin da jan biro a banza. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki layi na 3 kamar sabuwar tambaya ka warware: x − 10 = 24, wato x = 34. Wannan ne sabon ma'auninka.

Sa 34 a layi na 4: a ɗebe 10 daga 34 saura 24, ya zauna. Ma'ana yaron ya iya haɗa 4x da −3x, ya iya haɗa 2 da −12, kuma wannan abu ne da ya cancanci a gani. A layi na 5, hagu 34, dama 14, bai zauna ba. Ga kuskure na biyu, mai zaman kansa. Layi na 6 kuwa ya bi na 5 daidai.

Yanzu ka san takardar da gaske: kuskure biyu ne, ba huɗu ba, na farko a layi na 3, na biyu a layi na 5. Wannan yana da tasiri a maki. A tsarin makin WAEC ana ware makin hanya, mai alamar M, da makin daidaiton sakamako, mai alamar A, da wanda ake bayarwa kai tsaye, mai alamar B, kuma ba a ba da A inda ba a samu M da yake rataye da shi ba. Ko a gwajin aji ne, malamin da bai san inda laifi ya fara ba zai hana yaro makin hanyar da ya bi daidai. Ɗalibinmu ya yi abu mafi wuya a tambayar, wato kawar da lambobin ƙasa tare da tuna ninka 4 ɗin dama da 6, wurin da yara da yawa suke mantawa.

Mataki na 7: San inda wannan gwaji yake makancewa

Gwaji da amsa yana kama layi mara kyau a mafi yawan lokaci, amma wani layin yana tsallake shi. Canza tambayarmu kaɗan, dama ta zama 3 maimakon 4. Amsar gaskiya yanzu x = 4. A ce wata ɗaliba ta rubuta haka:

```
1.  (2x + 1)/3 − (x − 4)/2 = 3
2.  2(2x + 1) − 2(x − 4) = 18
```

Ta sa 2 a gaban baka ta biyu inda 3 ya kamata. Amma ka sa 4 a wurin x: bakar ta zama 0, ko da me aka ninka ta ba ta motsi, hagu ya ba da 18, dama 18. Layin ya tsallake gwaji. Idan ta ci gaba ba tare da wani laifi ba, za ta samu 2x + 10 = 18, amsa 4, daidai da taka. Amsa daidai, hanya da rami a cikinta, kuma ranar da lambobin suka canza za ta faɗa.

Maganinsa shi ne ka tambayi kanka me aka yi tsakanin layin sama da na ƙasa, sa'annan ka gwada wannan matakin da wata lamba daban. A nan an ninka da 6 ne, don haka hagun layi na 2 dole ya zama ninki shida na hagun layi na 1, ko wace lamba aka sa. Ɗauki 7. Hagun layi na 1 ya ba da 5 a ɗebe 1.5, wato 3.5, sau 6 ya zama 21. Hagun layinta na 2 ya ba da 30 a ɗebe 6, wato 24. Laifin ya fito. Duk lokacin da amsar gaskiya ta mayar da wata baka 0, ka yi wannan gwaji na biyu.

Haka ake yi idan tambayar ta sauƙaƙawa ce, babu amsar x da za a nema: ka zaɓi lamba ɗaya ka sa a kowane layi, dukansu su ba da sakamako guda. Amma ka guji 0 da 1, domin suna ɓoye laifin ninkawa. Ka guji 2 ma, saboda 2 + 2 da 2 × 2 da 2² duk 4 suke bayarwa, yaron da ya rubuta 2x a wurin x² zai wuce ba ka gani ba. 3 ko 7 sun fi.

Idan tambaya tana da amsa biyu, ka gwada da dukansu. Wanda ya tashi daga x² = 5x ya sauka a x = 5 ya raba da x ne, ya zubar da amsar x = 0 a hanya. Gwaji da 5 ba zai nuna komai ba, gwaji da 0 ne zai nuna layin da ta ɓace.

Sai kuma yaran da suke amfani da alamar daidai kamar suna cewa "sai kuma". Za ka ga 8 + 5 = 13 × 2 = 26. Tunaninsa daidai ne, ya tara sa'annan ya ninka, rubutun ne ba daidai ba. Ka nuna masa, amma kada ka ɗauke shi a matsayin tushen amsar da ta lalace idan akwai wani laifin a ƙasa.

Idan aikin na firamare ne

A lissafin jere, "layi" yana iya zama gida, kuma ana farawa daga dama, yadda yaron ya yi. Wanda ya ɗebe 267 daga 503 ya samu 364 maimakon 236, tun gidan farko ya sauka: ya ga 3 a sama 7 a ƙasa, ya ɗebe ƙarama daga babba ya rubuta 4, bai yi aro ba, ya maimaita haka a gida na biyu. A ninkawa kuma, 47 sau 36, idan ka ga 282 da 141 an tara an samu 423 maimakon 1692, lambobin biyu daidai suke, tarawar ma daidai ce. Laifin a wurin zaman 141 yake, ba a matsar da ita gida ɗaya hagu ba. A irin wannan, hoton da aka ɗauka a karkace yana iya sa gidaje su zame, don haka ka bi layukan littafin ko ka duba abin da ya tara da me.

Mataki na 8: Gane irin kuskuren, ka rubuta masa

Layi ɗaya ba ya isa a ce yaro bai fahimci abu ba. Duba sauran tambayoyin shafin, ka nemi wurin da ya sake haɗuwa da alamar ɗebewa a gaban baka. Idan a can ya juya alamar ciki daidai, to a nan santsin hannu ne, tunatarwa ta isa. Idan ko'ina haka yake yi, ƙa'ida ce ya riƙe a karkace, kuma sai an zauna da shi. A nan ne abin da ya soke yake amfani. Idan ka ga ya fara rubuta +12 ya soke ya mayar −12, yana da labarin ƙa'idar, bai dai amince da ita ba, kuma wannan ya fi sauƙin gyara.

Wajen mayar masa da takarda, ka sa alamar daidai a layi na 1 da na 2 domin ya ga inda ya tsaya da ƙafarsa. Ka zagaye −12 kaɗai, ba dukan layin ba. Kusa da shi ka rubuta tambaya maimakon amsa, kamar: "Duba nan, −3 sau −4 nawa ne? Gyara, ka ci gaba daga wannan layin." Idan PDF ne ko hoto, alƙalamin zane na cikin waya ya isa, ka dai ajiye kwafin asali wanda ba a taɓa ba. A layi na 5 ni ɗan ɗigo kawai nake sawa a gefe, ba na yin bayani a zagayen farko, domin idan ya gyara layi na 3 zai iso x + 14 = 24, ya sake fuskantar tsallakar da lamba, a nan zan ga ko zai rubuta 24 − 14 don ya gane, ko kuwa ɗebewa yake yi ko yaushe ba tare da duba alama ba. Don in tabbatar, nakan haɗa masa da ƙaramar tambaya guda, x − 6 = 9. Idan ya kawo 3, laifin layi na 5 yana nan daram, idan ya kawo 15 ya wuce.

Idan za ka nuna wa wani malami hoton don neman shawara, ko ka yi misali da shi a aji, ka yanke sunan yaron daga saman shafin tukuna.

Akwai lokacin da duk ƙoƙarinka layin farko ba zai fito ba, saboda ɗalibi ya yi tsalle: daga layi na 2 sai x − 10 = 24, matakin tsakiya a kansa ya yi. A nan iyakar abin da za ka iya cewa shi ne laifin yana tsakanin waɗannan layuka biyu. Za ka iya gwada laifuffukan da aka saba gani, ka ga wanne ne yake haifar da −10, amma kada ka rubuta masa shi a matsayin tabbas. Ka ja kibiya tsakanin layukan biyu, ka ce ya rubuto matakin da ya tsallake, ko kuma ya turo saƙon murya yana faɗin yadda ya tashi daga wannan ya isa wancan.